Malamina yana gudun hijira, ta yaya zan nemi tazkiyya a wurinsa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Mai Wurno ne a Sudan, na gama digiri a fannin akanta a wata jami'a a Khartoum a 2019, yanzu ina aiki a Jidda. Ina neman gurbin digiri na biyu, an ce in kawo tazkiyya biyu, wato wasiƙun shaida daga waɗanda suka san aikina, saura mako shida a rufe. Malamin da ya duba aikina na kammalawa yaƙi ya kore shi, an ce yana Alƙahira, lambar WhatsApp ɗinsa kawai na samu. Tun da na gama ban taɓa gaishe shi ba, kunya nake ji in ɓullo masa da buƙata yana cikin wannan hali. Akwai kuma tsohon manajana a kamfanin da na bari, mun rabu lafiya, amma mutum ne da ba ya samun lokaci. Yaya zan yi?

Wani ƙaninku, daga Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ka rubuta masa a wannan makon. Rubuta wa tsohon ɗalibi tazkiyya yana cikin aikin malamin jami'a, kuma duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya saba ganin saƙon ɗalibin da ya ɓace shekara da shekaru. Abin da ke sa irin wannan saƙo ya kwana ba amsa yawanci shi ne malamin ya karanta sunan, ya yi ta laluben fuskar mai shi bai samu ba, ya ce bari sai ya zauna, zaman kuma bai zo ba. To, aikinka shi ne ka ɗauke masa wannan laluben, ka miƙa masa komai a shirye yadda zai iya gamawa a zama ɗaya, ko da a kan waya ne.

Kafin ka taɓa lambarsa, koma ka karanta sharuɗɗan jami'ar da kyau, domin amsar da ke can ita za ta gaya maka abin da za ka roƙa. Duba ko duka biyun daga malaman da suka koyar da kai ake so, ko an yarda ɗaya ta fito daga wurin aiki. Jami'o'i da yawa a nan Saudiyya tazkiyyar ilimi suke nufi, wato ta wanda ya tsaya a gabanka a aji, kuma idan haka ne wasiƙar manaja ba za ta cike gurbin ba komai kyanta, sai ka nemo malami na biyu. Duba kuma ko akwai fom na musamman da malami zai cike ko wasiƙa ce zai rubuta da kansa, da wane harshe, sannan wa zai tura ta: kai za ka ɗora a shafin neman gurbin, ko kuwa za ka sa imel ɗin malamin ne jami'a ta aika masa da mahaɗi ya ɗora da hannunsa. Mutumin da ke zaune a gidan haya a ƙasar da ba tasa ba, bai kamata ka sa shi ya rubuta wasiƙa da Larabci ba, bayan kwana goma ka dawo ka ce ashe fom ne, kuma da Turanci ake so.

Saƙon farko ya zama rubutu, ban da kira, ban da saƙon murya. Rubutu yana jira har mutum ya samu sarari, kuma ana iya komawa a duba suna da kwanan wata. Na san al'adarmu, ba a faɗa wa babba da buƙata ba gaisuwa, amma kar ka yi abin da wasu ke yi na turo “Salam Dakta, ya iyali?” yau, gobe a turo addu'ar safiya, jibi a turo hoton Juma'a, sai a rana ta biyar a fito da maganar. Dattijo yana gane mai kewaye, kuma hakan ya fi sa shi jin an yi masa dabara. Ka gaishe shi gaisuwa ta gaskiya, ka tambayi lafiyar iyali, ka yi masa jaje, sannan a cikin wannan saƙon ka faɗi abin da ya kawo ka. Ga yadda nake ganin zai fita, kai sai ka mayar da shi Larabcin da kuka saba, ka sa bayananka na ainihi a madadin waɗanda na ƙaga:

“Assalamu alaikum Dakta. Ina fatan kuna lafiya tare da iyali, Allah ya kawo ƙarshen abin da ya same mu. Sunana wane ɗan wane, na gama a sashen akanta a 2019. Ku ne kuka duba aikina na kammalawa a kan yadda ake ƙidayar kaya a rumbunan wani kamfanin sukari a yankin Sinnar, kuma na ɗauki darasin binciken asusu a wurinku a shekarar ƙarshe. Na daɗe ban gaishe ku ba, ku yi mini afuwa. Yanzu ina aiki a Jidda, ina neman gurbin digiri na biyu a jami'a kaza, kuma ana buƙatar tazkiyya daga malamin da ya san aikina. Shafi ɗaya ne, da Larabci, ina son in same ta kafin ranar kaza. Idan kuna ganin za ku iya, zan turo duk takardun a haɗe. Idan kuma halin da ake ciki bai ba da dama ba, wallahi na fahimta, ba komai.”

Wannan jimlar ta ƙarshe kar ka cire ta don tsoron kada ya fake da ita. Babba a wurinmu ba ya son cewa a'a kai tsaye, sai ya ce “in sha Allah” ya yi shiru, kai kuma ka zauna jira har lokaci ya ƙure. Idan ka buɗe masa ƙofar fita, wanda ba zai iya ba zai faɗa da wuri, ka samu makonnin neman wani. Ka haɗa da hotonka guda ɗaya, in da hali na lokacin makaranta ko na ranar yaye ku. Malami yakan manta suna amma ya riƙe fuska.

Da zarar ya amsa, tura masa kayan a saƙo ɗaya. Fayil guda na PDF ya wadatar, mai ɗauke da takardar makinka, shafin farko na aikin kammalawa da taƙaitawarsa, tarihin karatu da aikinka a shafi ɗaya, sai sanarwar kwas ɗin da kake nema. Ka rage nauyin fayil ɗin don ya buɗe a waya ba wahala. Kar ka zuba masa hotuna goma sha biyu a jere, wani a karkace, wani da inuwar yatsa.

A saman wannan fayil ɗin akwai rabin shafi da ya fi duk sauran amfani, kuma shi ne mafi yawan ɗalibai ba sa yi. Takardar tunatarwa ce: abubuwa uku ko huɗu da suka faru tsakaninka da shi, waɗanda ya gani da idonsa, a rubuce a taƙaice. Dalilinta shi ne, masu tantance takardu sun gaji da karanta “ɗalibi ne mai ladabi da ƙwazo da kyawawan ɗabi'u”. Wannan jimlar tana cikin kusan kowace tazkiyya, ba ta raba ka da kowa, kuma ita ce abin da malami ke rubutawa idan bai tuna komai ba. Abin da ke tsayar da idon mai karatu shi ne labari ƙarami da ke da rana da wuri.

A ce a aikinka na kammalawa ka je rumbun kamfanin da kanka, ka gwada abin da ke cikin littafin ajiya da buhunan da ke ƙasa, ka tarar ba su yi daidai ba. A ce da ka kai wa Dakta babi na uku ya mayar maka da shi, ya ce samfurin da ka ɗauka ya yi kaɗan, ka koma ka ƙara watanni uku na bayanai, sannan ka gano cewa giɓin yana fitowa ne daga kayan da ake fitarwa da yamma ba a shigar da su littafi sai washegari. Ka rubuta masa wannan kamar yadda ya faru, har da mayar maka da babin da ya yi. Wasu suna ɓoye irin wannan don suna ganin aibi ne, alhali ga mai neman digiri na biyu babu shaidar da ta fi a ce an gyara masa ya karɓi gyara ya dawo da abin da ya fi na farko. Daga layi huɗu irin waɗannan malamin zai fitar da sakin layi guda da ba wanda zai iya rubuta shi sai shi. Sai ka ƙara makin da ka samu a darasinsa, da matsayinka a aji idan kana da tabbacinsa a rubuce. Idan ba ka da tabbaci, bar shi. Kar ka sa dattijo ya sa hannu a kan cewa kana cikin biyar na farko alhali takardar makinka tana gaban masu tantancewa tana faɗin wani abu daban.

A ƙasan wannan rabin shafin ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo, da haruffan Larabci da na boko. Sunayenmu suna shan wahala a tsakanin rubutun biyu: Usman ya zama Osman ko Othman, Abubakar ya rabu gida biyu, wani lokaci sunan kaka ya ɓace. Wasiƙar da sunan cikinta ya saɓa da na fasfo tana iya jawo maka tambayar da ba ka da lokacin amsawa. Ka rubuta cikakken sunan kwas ɗin da na jami'ar, da wanda za a yi wa wasiƙar take. Ranar da kake so kuma ka sa ta da lissafin Miladiyya da na Hijira duka, tunda sanarwar jami'o'in nan takan zo da na Hijira, shi kuma yana inda aka fi amfani da ɗayan.

Sai maganar da ta fi damun duk wanda ya yi karatu a Khartoum. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, malamai suka watse, wasu Masar, wasu Bur Sudan, wasu nan Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Mai yiwuwa Dakta ba shi da takarda mai tambarin jami'a a hannunsa, ba shi da hatimin sashe, imel ɗinsa na jami'a ma wataƙila ba ya buɗewa. Kar ka bar shi ya riƙa jin nauyin gaya maka haka. Kai ka fara ɗaga maganar: “Idan babu takardar jami'a a kusa, farar takarda da sa hannunku ta isa in fara da ita.” Abin da ya kamata wasiƙar ta ɗauka a wannan hali shi ne cikakken sunansa da muƙaminsa na ilimi, jami'a da sashen da ya koyar da kai, shekarun da ya yi hakan, inda yake a yanzu, da lambar waya da imel da yake amsawa da gaske. Idan ya samu koyarwa a wata jami'a, ya yi amfani da takardar can, ya bayyana cewa a Khartoum ya koyar da kai. Wannan abu ne da aka saba gani, malamai suna sauya wurin aiki ko ba yaƙi.

A lokaci guda ka rubuta wa ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar da kake nema, layi uku: malamina ya bar Sudan saboda yaƙi, ba shi da hatimin jami'a, za ku karɓi wasiƙa mai sa hannunsa da imel ɗinsa na kansa? Ka ajiye amsarsu. Idan suka ce lallai sai da hatimi, ka nemi ofishin rajista na tsohuwar jami'arka ta shafinta, ka ji inda suke gudanar da aiki yanzu da yadda ake tabbatar da takarda. Abin da ba za ka yi ba shi ne sauraren wanda zai ce maka ya san wani shago da ke haɗa tambari da hatimin kowace jami'a. Jabun takarda laifi ne a ƙasar nan, kai kuma da iƙama, wato takardar izinin zama, kake zaune, sannan sunan malamin ne a ƙasan takardar, ba naka kaɗai ba.

Akwai wani abu da na san zai zo maka a rai, tunda kana da albashi shi kuma yana cikin ƙunci: ko in tura masa wani abu? Kar ka haɗa kuɗi da wannan buƙata, ko a saƙo ɗaya ko a mako ɗaya. Zai iya jin ka sa wa sa hannunsa farashi. Idan kana son yi masa alheri, bari maganar wasiƙa ta wuce gaba ɗaya, ka yi shi a matsayin ɗalibi ga malaminsa.

Wataƙila ya ce maka, “Rubuta ka turo in sa hannu.” Malamai da yawa suna faɗin haka, kuma ba raini ba ne. Idan jami'ar ta ce wasiƙar sirri ce, malami zai ɗora ta da kansa ba tare da ka gani ba, to ka tsaya a kan takardar tunatarwar nan, ka ce masa ga abubuwan da zai gina a kai. Idan kuwa wasiƙa ce da za ta biyo ta hannunka, ka rubuta daftari ka tura a fayil ɗin da zai iya gyarawa, ka ce ya ƙara ya rage yadda ya ga dama. Sakin layi uku sun isa. Na farko ya faɗi yadda ya san ka da tsawon lokacin. Na biyu ya ba da labarin aikin nan na rumbu. Na uku ya ce yana ganin za ka iya karatun da kake nema, ga dalili. Ka rubuta abin da ya faru kawai, ka bar masa yabon. Ɗalibi idan ya rubuta wa kansa tazkiyya ana gane shi ta hanya biyu: ko ya cika ta da kirari har ta zama waƙar biki, ko ya sa abubuwan da malamin ba shi da hanyar saninsu, kamar aikin da ya yi a Jidda bayan rabuwarsu da shekaru. Kuma idan malamai biyu suka ce ka rubuta, kar ka ba su daftari iri ɗaya. Mutum ɗaya ne zai karanta wasiƙun biyu a jere.

Shi kuwa manaja, ka raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai takardar shaidar aiki, wadda haƙƙinka ce: sashe na 64 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikacin da ya bar aiki ita kyauta idan ya nema, da ranar da ya fara, da ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi, da albashinsa na ƙarshe, kuma ba a yarda a sa abin da zai ɓata masa suna a ciki ba. Wannan ofishin ma'aikata ke bayarwa, ba ta buƙatar lokacin manaja, kuma idan inda za ka kai ta sun nemi a tabbatar da ita, kamfanin ne zai yi hakan ta Gurfar kasuwanci, wato cibiyar 'yan kasuwa ta gari. Tazkiyya kuwa alfarma ce, ra'ayin mutum ne a kanka, ba wanda zai tilasta shi. Ka nemi wanda ya riƙa duba aikinka kullum, ko da muƙaminsa bai kai na babban manaja ba. Mai kamfanin da bai san teburinka ba, abin da zai rubuta bai wuce layi biyu na gama-gari.

Tunda mutum ne mai yawan aiki, ka je masa da daftari a hannu tun farko, kuma da harshen da ya sani, wato lamba da sakamako: kai ne ke rufe asusun wata, kana daidaita lissafin kamfani da na banki, kai ka shirya takardun harajin da ake ɗorawa a kan kaya lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020, idan har kana wurin a lokacin kuma kai ka yi. Ka guji sa sirrin kamfani, kamar adadin ribarsu ko sunayen abokan cinikinsu, domin da ya ga wannan zai ajiye biro. Ka nemi minti goma a ofishinsa tsakiyar mako da safe, kar ka je ƙarshen wata lokacin da masu lissafi ba sa ɗaga kai.

Mako shidan nan ga yadda zan raba su. Makon farko, karanta sharuɗɗa, tura saƙon farko ga Dakta, kuma ka tura wa malami na biyu a rana ɗaya, ko da kana ganin ba za ka buƙace shi ba. Ranar da za ka ba su ta zama kwana goma kafin ainihin ranar rufewa, kuma ka faɗa musu gaskiya cewa kana son ka bar sarari ne saboda matsalar da shafin neman gurbin kan iya bayarwa. Ka tuna Juma'a da Asabar ba ranakun aiki ba ne a jami'o'in nan, saboda haka idan wani abu ya lalace daren Alhamis ba mai amsa maka sai Lahadi. Idan mako ya wuce ba amsa, ka sake turawa sau ɗaya, gajere, kana mai ɗora laifin a kan yawan saƙonni. Idan wani makon ya sake wucewa shiru, ka koma kan na biyun, ka bar Dakta da gaisuwa kawai. Ba ka san abin da yake fama da shi ba.

Idan tsarin na mahaɗi ne, ka tambaye shi imel ɗin da yake buɗewa kafin ka shigar, ka kwafe shi daga saƙonsa kar ka rubuta da ka. Da ka danna turawa, ka sanar da shi a WhatsApp cewa saƙo na zuwa daga jami'a kaza, idan bai gani ba ya duba akwatin Spam, nan irin waɗannan saƙonni suka fi faɗawa. Shafin neman gurbin yakan nuna ko an karɓi wasiƙar ko ana jira, sai ka riƙa dubawa a can maimakon ka riƙa tambayarsa. Idan kuma kai za ka ɗora, hoton da zai ɗauka da waya ya nuna shafin duka, da sa hannu da kwanan wata a fili. Wanda ya yanke gefe ko ya yi duhu, ka roƙe shi ya sake ɗauka a ranar, tun takardar tana kan teburinsa.

Ranar da wasiƙar ta shiga ka yi masa godiya, sannan ka sake rubuta masa idan sakamako ya fito, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Ka tambaye shi tun yanzu ko ya yarda ka sake amfani da sunansa idan za ka nemi wata jami'ar, kuma ka ajiye fayil ɗin nan da takardar tunatarwar a wuri ɗaya, domin zagaye na biyu sunan kwas da kwanan wata kawai za a canza.